Marsiyyar Kakata: Na Rubuta, Amma Ba Ta Ciki

Jikar_Inna: Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta. Kakata ta wajen uwa ta rasu watannin baya, ita ta raine ni tun ina ƙarama. Na zauna na rubuta mata marsiyya mai baiti 14, ƙwar biyu. Da na karanta wa mahaifiyata sai ta yi shiru, can ta ce, "Ta yi daɗi, amma ban ga Inna a ciki ba." Maganar nan ta tsaya min a rai, domin gaskiya ta faɗa. Ga baitoci biyu na farko ku gani:

Kaka kin tafi, kin bar mu cikin kuka,
Hawayenmu sun ƙi tsayawa.
Mai haƙuri, mai kyauta, mai son kowa,
Irinki babu mai samowa.

Sauran 12 ɗin ma haka suke tafiya. Wata ƙawata ta ce in ajiye maganar hawaye gaba ɗaya, in rubuta a kan ƙananan kayan ɗakinta. Ni kuma tsoro nake ji kada waƙar ta koma jerin kaya, a ce mutuwar ba ta dame ni ba. Waɗanda suka taɓa yin irin wannan, yaya ake yi?

Maman_Hanif: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Inna, ya kai haske kabarinta, ya ba ku haƙurin rashi. Ni dai baitocin nan sun taɓa ni, ban ga laifinsu ba.

Malam_Mai_Alƙalami: Allah ya gafarta mata. 'Yata, mahaifiyarki ta riga ta yi miki nazarin da ya fi kowanne, sai dai in faɗaɗa shi. Ɗauki baitin nan na biyu, ki cire kakarki ki sa kakar Maman_Hanif, ko tawa. Akwai abin da zai canza? Babu. Mai haƙuri, mai kyauta, mai son kowa, duk wanda ya rasa kaka zai sa hannu a kai. Shi ya sa ya taɓa Maman_Hanif, domin ita tata kakar take gani a ciki. Mahaifiyarki kuwa mutum ɗaya tak take nema, ba ta same ta ba.

Akwai abu na biyu. Ƙirga sau nawa kika ambaci kanku a baiti na farko: kin bar mu, kukanmu, hawayenmu. Ita kakar kalma biyu ta samu, "kin tafi". Waƙar da ta cika kuka yawanci haka take, idon mai waƙa yana kan fuskarsa, ba a kan mamaci ba. Ba laifinki ba ne, baƙin ciki haka yake juya mutum. Amma idan aka zo gyara, wurin nan ake fara dubawa.

Kafin ki sake rubuta ko ɗango ɗaya, ki faɗa mana a zube, ba a waƙe ba: idan kika tsaya a bakin ƙofar ɗakinta, me kike gani? Kada ki zaɓa, kawo duk abin da ya zo.

Jikar_Inna: To Malam. Gado, da kujera a gefen taga. Rediyo da aka ɗaure murfin batir ɗinsa da roba. Agogon bango da yake gaba da minti 10, ba ta yarda a gyara ba. Gwangwani cike da maɓallai da ta ciro daga tsofaffin riguna. Tabarau mai karyayyar ƙafa. Kofin da hannunsa ya fita, shi kaɗai take shan ruwa da shi. Almakashi a ƙarƙashin matashi. Guntayen sabulu da take matsewa su zama ɗaya. Sai allurai a jikin labule.

Ɗan_Auta77: Ai shi ke nan, kin gama! Ki jera waɗannan ɗaya bayan ɗaya, kowane baiti abu ɗaya. Kada ki sa sifa ko ɗaya, kada ki ce kin ji komai. Mai karatu zai yi kukan da kansa. Dokar ke nan, a nuna kada a faɗa.

Bintu_Marubuciya: Ɗan_Auta77, rabin maganarka na yarda da ita. Amma in ta jera su kamar yadda ka ce, abin da take tsoro shi zai faru. Rediyo, agogo, gwangwani, kofi. Wa ba shi da su? Gwangwanin maɓallai kusan kowace tsohuwa mai ɗinki tana da shi, shi ma zai faɗi gwajin da Malam ya kawo. Abu ba ya zama nata don kawai yana ɗakinta. Sai an ga hannunta a kansa, an ga abin da take yi da shi wanda wani ba ya yi. A jerin nan abin da ya fi jan hankalina shi ne na ƙarshe, wanda ta faɗa a gajarce. Yaya, me allurai suke yi a jikin labule?

Jikar_Inna: Idonta ya yi rauni a shekarun ƙarshe, ba ta ganin kafar allura, amma ɗinki take yi da lalube, ba ta daina ba. To duk lokacin da na je, kafin ma in zauna sai ta miƙo min allurai 5 in zura musu zare, wasu baƙi wasu fari, in ƙulle bakin kowanne. Sai ta soke su a gefen labule daidai inda hannunta yake kaiwa daga kujera. Su take amfani da su har in sake zuwa. In na daɗe ban zo ba, ba ta cewa na daɗe, sai ta ce, "Allurai sun ƙare tun tuni." Ranar da muka je kwashe kayan ɗakin na tarar da 3 suna nan da zarensu.

Bintu_Marubuciya: Allahu akbar. Ga waƙarki nan.

Malam_Mai_Alƙalami: Duba abin da kika faɗa mana a layi shida ba tare da kin yi niyya ba. Mun san idonta ya tafi amma ta ƙi ajiye aiki, wato haƙurin da kika ambata a rubutunki na farko ga shi mun gani. Mun san kina zuwa a kai a kai. Mun san ba mai furta kewa ba ce, ta bakin allura take yin ƙorafi. Mun san rasuwar ta zo kafin ta cinye aikin da ta shirya wa kanta. Ba ki ce "ina son ta" ba, ba ki ce "ta yi kewata" ba, duka biyun suna ciki. Wannan shi ne bambancin abu mai ɗauke da aiki da abu na ado. Rediyon da kika ambata, a yadda kika kawo shi, ado ne kawai. Allurai kuwa akwai mutum biyu a jikinsu, da lokaci, da abin da ya yanke.

Ki gwada baiti uku a kan wannan kaɗai. Fi'ili ki fi ba ƙarfi: ta miƙo, na zura, ta soke.

Alhaji_Sadauki: Ni shawarata ita ce ku yi hattara da kayan mamaci. Ko allura ce, hakkin magada ce, bai kamata jika ta ɗauka ta ajiye don tunawa ba sai an raba ko an yafe mata. Mutane suna raina irin wannan.

Jikar_Inna: Na gode Alhaji. Ban ɗauki komai ba, labulen yana wajen mahaifiyata. Maganar rubutu muke yi, yadda za a sa kayan a cikin waƙa.

Alhaji_Sadauki: To madalla, ban karanta daga sama ba. Allah ya jiƙan ta.

Jikar_Inna: Ga abin da na samu:

Duk zuwana sai ta miƙo allurai,
Biyar, in zura musu zare.
Ta soke su a gefen labule,
Baƙi da fari a jere.
Ranar da muka zo kwashe ɗakin,
Na tarar da uku suna nan tare.
Suna jiran hannun da ba zai dawo ba,
Suna kuka, zuciyarsu a ɗaure.

Talatu_M: Na ukun nan ya sa na ajiye wayar na ɗan jima. Amma na huɗun, ki yi haƙuri, ya ɓata min. Ina tsaye a ɗakin tare da ke, sai na ji kamar an dafa ni an ce "yi kuka yanzu".

Maman_Hanif: Ni kuma na huɗun ne ya fi min. Shi ne mai ratsa zuciya. In aka cire shi ai waƙar ta tsaya a tsakiyar hanya.

Malam_Mai_Alƙalami: Ina tare da Talatu, ga dalilina. Mutane suna zaton in an koma ga kayan gida an tsira daga zuzuta baƙin ciki. Ba a tsira ba. Hawayen da aka kora ta ƙofa yana iya dawowa ta jikin kayan. Allura ba ta jira, ba ta da zuciya. Da kika ba ta kuka, kukanki na baitin farko kika ɗora mata, kika sake sa shi a gabanmu. Mutuntarwa salo ne mai kyau a wurinsa, amma a marsiyya irin wannan shi ne ramin da aka fi faɗawa: kujera tana kewa, agogo ya ƙi tafiya don baƙin ciki, ƙofa tana tambayar ina mai ɗakin. Alamar da za ki gane kin faɗa shi ne, ɗangon yana bayyana ma'anar ɗangon da ya gabace shi. "Uku suna nan" ya riga ya faɗi cewa hannun ba zai dawo ba. Mai karatu ya gano haka da kansa, kuma abin da mutum ya gano da kansa ya fi zama a ransa. Da kika maimaita masa sai kika karɓe masa aikin.

Maman_Hanif tana da gaskiya a wuri ɗaya, ana buƙatar wani abu bayan baiti na uku. Amma ba fassararsa ba. Tambayar da ta rage a zuciyata ita ce, biyun da babu, me ta ɗinka da su?

Jikar_Inna: Ɗaya ban sani ba. Ɗayar kuma na sani, domin ƙafar tabarau ɗinta da baƙin zare aka naɗe ta, kuma a zuwana na ƙarshe ba haka take ba. To in na ce:

Ƙafar tabarau ɗinta ta karye,
Da baƙin zaren ta ɗaure.

Bintu_Marubuciya: Wannan! Kin ga yanzu tabarau ya shigo da dalili, zaren ne ya jawo shi. Haka nake nufi da na ce wa Ɗan_Auta77 jeri ba ya isa. Kowane abu ya kamata ya miƙa hannu ga na bayansa. Kuma akwai wani abu a ciki da ba sai an faɗa ba: da zaren da kika zura mata saboda ba ta gani, da shi ta gyara abin ganin nata.

Ɗan_Auta77: Na yarda jeri kawai bai isa ba. Amma kun ga dai maganata ta kada a faɗi abin da aka ji tana nan. Malam ma ya cire ɗangon kuka.

Malam_Mai_Alƙalami: Ban ce kada a faɗa ko kaɗan ba, ɗana. Na ce kada a sa wa allura. Idan bayan baiti 10 na zare da labule ta ce da bakinta, a ɗango ɗaya, "na yi kewarki", kalmar za ta yi nauyin da ba za ta taɓa yi ba a baitin farko. A farko ba mu san wa ake kewa ba. A ƙarshe mun san ta. Abin da ya lalata rubutun farko shi ne an fara karɓar hawayenmu kafin a nuna mana mutumin. Waƙar da ta ƙi furta komai daga farko har ƙarshe ita ma tana da nata ciwon, mai karatu yana jin ana takura kai da gangan don a burge shi.

Hafizu_Nazari: Ina bin muhawarar nan tun ɗazu, kuma ina da ja. Kuna magana kamar lissafa halayen kirki rauni ne a marsiyya. Ai shi ne ƙashin bayanta tun asali. Al-Khansa'u da ta yi wa ɗan'uwanta Sakhr marsiyyoyi, kuka ta yi a fili, ta ambaci jarumtarsa da kyautarsa, kuma har yau ana karanta ta. Nana Asma'u a ƙarni na 19 ta yi wa ɗan'uwanta Muhammadu Bello da mijinta Giɗaɗo marsiyya, halayensu da ayyukansu ta kawo, ta yi musu addu'a. Marsiyya ba hoto ba ce kawai, shaida ce ake bayarwa a kan mamaci, kuma darasi ne ga na baya. Idan aka bar wa jikokin jikoki waƙar allura da tabarau, za su san tana ɗinki. Za su san mutuniyar kirki ce?

Bintu_Marubuciya: Malam Hafizu, ba wanda ya raina waɗancan. Amma su mutanen da aka yi wa, jama'a sun riga sun san ayyukansu, in aka ce mai kyauta kowa yana da labarin da zai tuna. Kakar 'yar'uwarmu ba wanda ya san ta a wajen danginta. In aka ce mai haƙuri, mu ba mu da abin da za mu cika kalmar da shi. Kuma ni a ganina matar da ta ce "allurai sun ƙare" maimakon ta ɗora wa jikarta laifin rashin zuwa, an riga an ba da shaidar kirkinta.

Hafizu_Nazari: An ba da ita ga mai lura. Ba kowa ne mai lura ba. Tsofaffin gidan da za a karanta wa waƙar suna jiran su ji an ce ta riƙe zumunci, an roƙa mata rahama. In ba su ji ba za su ce yarinya ta yi wasa da mutuwa. Ni ban ga abin da zai hana a haɗa biyun ba.

Jikar_Inna: Addu'a kam dole ta shiga, ban taɓa tunanin cire ta ba. Abin da nake tunani shi ne in bar ta a baiti biyu na ƙarshe, gajeriya, ba tare da na ƙawata ta ba.

Gwaggo_Asabe: Bari tsohuwa ta sa baki. Ni ba marubuciya ba ce, karatu nake yi a nan. Ɗan ƙanwata ya taɓa yi wa mahaifiyarmu irin wannan, ya karanta a gaban dangi. Ya kawo maganar zanen gadonta da ya sha faci har ba a gane asalin launinsa. Mu da muka san ta mun san sababbi suna nan a akwati, ita ce ta ƙi taɓa su. Amma babbar yayarmu ta tashi ta bar wurin. Ta ce an tona mana asiri, baƙi za su ce mun bar uwarmu tana kwana a kan tsumma. Har yau in aka tuna ba ta jin daɗi. To ke 'yata, kofin nan mai karyayyen hannu da tabarau ɗin da aka ɗaure da zare, ki yi tunani. Ke ƙauna kike gani a ciki. Wani a gidanku zai iya ganin zargi.

Jikar_Inna: Gwaggo, wallahi ban kawo wannan a raina ba. Kuma kawuna shi ya saya mata tabarau sabo, yana cikin kwalinsa, ta ce yana sa mata jiri.

Talatu_M: To ai sai ki sa wannan ɗin ma. Sabo yana cikin kwali, ta ce yana sa ta jiri. Ɗango biyu sun wanke kawunki, kuma sun ƙara nuna halinta. Matsalar waƙar da Gwaggo ta ba da labari ita ce an faɗi faci ba a faɗi akwati ba. Rabin gaskiyar abu aka kawo.

Gwaggo_Asabe: Haka ne, da ya ambaci akwatin da abin ya zo da sauƙi. Duk da haka ki nuna wa kawun naki kafin kowa ya ji.

Musa_Nesa: Ni tawa matsalar daban ce, ku ba ni dama. Kakata ta wajen uba ba mu zauna gari ɗaya ba, ganina da ita kaɗan ne, kuma ina yaro. Ina son in rubuta mata wani abu amma ban san ɗakinta ba. Da na tambayi gwaggona sai ta ba ni labarai masu kyau, har da wani makulli da take ratayawa a wuya wanda bayan rasuwarta aka gwada shi a kowane kwaɗo na gidan bai buɗe ko ɗaya ba. In na sa shi kamar ni na gani, ƙarya na yi?

Bintu_Marubuciya: Kada ka sa shi kamar kai ka gani. Ba don haramun ba ne a waƙa, don za a ji. Wanda ya ga abu yana sanin abin da ba a tambaya, kamar launin igiyar, ko yadda take laluba shi in tana magana. Wanda aka ba labari ƙashin labarin kawai yake da shi, in ya zo cikewa sai ya ƙirƙiro abin da ya fi kyau fiye da kima. Ka ce "gwaggo ta ce". Nisan da ke tsakaninku shi ne jigon taka waƙar, kada ka ɓoye shi. Kuma ka binciki abin da kai ka gani da idonka, ko ɗaya ne.

Musa_Nesa: Abin da nake tunawa kawai shi ne tana auna tsawona a jikin ƙofa, ta yi zane da ƙusa. Zane uku ne, tazararsu da faɗi sosai.

Bintu_Marubuciya: To me kake nema a wajen makulli?

Ɗan_Auta77: Makullin fa ya fi daɗin labari. Ni da shi zan buɗe.

Malam_Mai_Alƙalami: Ya fi daɗi, shi ya sa nake tsoronsa. Abu in ya zo da ma'anarsa a goshi, makullin da ba shi da ƙofa, agogon da ya tsaya ranar rasuwa, mai karatu yakan yi zargin an shirya shi, ko da gaskiya ne. Zanen ƙusa ba ya neman a kalle shi. Amma wannan ra'ayina ne, Musa ya gwada duka biyun ya gani.

Mu koma ga mai tambaya. Akwai abu ɗaya a jerinki da ba wanda ya taɓa: almakashi a ƙarƙashin matashi. Me ya kai shi can?

Jikar_Inna: Ɓoye shi take yi. Ba ta yarda a yanka takarda da shi ba, ta ce yana dakushe shi. Ƙanena ya taɓa ɗauka ya yi aikin makaranta, ta yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwarsa ba. Inna tana da riƙo, Malam, gaskiya. Amma ban ga yadda zan sa wannan a marsiyya ba.

Malam_Mai_Alƙalami: Ni zan sa. Waƙar da ba ta da ko ƙaya ɗaya, mai karatu ba ya gaskata zaƙinta. Matar da ta ƙi amsa gaisuwa saboda almakashi ita ce dai matar da take ƙirga kwanakin jikarta da allura, mai ɗaukar ƙaramin abu da girma. In kika cire ɗaya kin rage ɗayan. Kuma ina tabbatar miki wannan baitin ne zai sa mahaifiyarki ta ce ga Inna nan.

Hafizu_Nazari: A nan kam na rabu da Malam. An hore mu kada mu aibata mamaci, ba ta nan balle ta kare kanta. Riƙo ba abin yabo ba ne. Abin da dangi suke faɗa a tsakar gida suna murmushi daban, abin da aka rubuta ya fita duniya daban.

Gwaggo_Asabe: Ya danganta da yadda aka faɗa. In aka ce "tana da riƙo", an yanke mata hukunci. In aka ce almakashinta ba ya cin takarda, kowa a gidan ya sani, ba a aibata ta ba, an tuna ta ne. Kwana biyun nan na rashin amsa gaisuwa dai ni da zan bar su a gida.

Talatu_M: Amma in an cire kwana biyun ai ƙayar ta tafi, ya koma abin ban sha'awa kawai. Tsohuwa mai ɓoye almakashi, kowa ya yi murmushi. Wannan ma wata hanyar lallashin mai karatu ce.

Jikar_Inna: Wannan zan tambayi ƙanena, tunda shi abin ya faru da shi. Wata tambayar kuma, Malam: amsa-amon "re" ya fara takura ni. Zare, jere, tare, ɗaure, na kusa cinye waɗanda suka zo da kansu. Ina ganin shi ya ja ni ga "zuciyarsu a ɗaure" ɗazu. Maganar agogo da almakashi ba sa shiga.

Malam_Mai_Alƙalami: Kin gano da kanki. Yawancin ɗangogin kuka a marsiyya amsa-amo ne yake haifar da su, mai waƙa yana neman kalmar da za ta rufe baiti sai ya ɗauko mafi kusa, mafi kusa kuwa kullum ita ce wadda kowa ya riga ya yi amfani da ita. Dubi na farkonki, tsayawa, samowa, da kin ci gaba sai mantawa da rabuwa. Hanya biyu gare ki. Ko ki gajarta waƙar ta tsaya inda "re" ya tsaya da gaskiya, baiti 7 ko 8 sun isa marsiyya. Ko ki raba ta kashi-kashi, kowane abu da nasa amsa-amon. Abin da ba zan so ba shi ne ki canza gaskiyar abu don ya dace da amsa-amo, ki ce zaren ja ne alhali baƙi ne.

Sannan ki rera baitocin da murya, kada ki tsaya ga ido. "Duk zuwana sai ta miƙo allurai" gaɓa 11 ne, "Ta soke su a gefen labule" 10 ne, kuma ba yawan gaɓa kaɗai ake ji ba, har da nauyinsu. Inda harshenki ya yi tuntuɓe, nan ne gyara yake. "Na tarar da uku suna nan tare" ya ɗan yi tsawo a kunnena, kuma "tare" ba ta aikin komai sai riƙe amsa-amo.

Bintu_Marubuciya: Ni ba zan taɓa "tare" ba, Malam. Tana da amfani, tana nuna ba a watse suke ba, yadda ta jera su haka suke. In tsawo ne matsalar a cire "suna nan".

Ɗan_Auta77: "Suna nan" ai shi ne ɗangon gaba ɗaya! A cire "na tarar da" dai. "Uku suna nan tare." Ita ma ta fita daga ciki.

Maman_Hanif: Ni har yanzu ina ganin a bar mata baiti ɗaya ta yi kukanta a fili. Kakarta ce fa.

Jikar_Inna: Zan rera duka ukun in ji wanda ya zauna. Agogon ina ganin zan bar shi, ban san dalilin da ya sa take sa shi gaba ba, kuma ba na son in ƙirƙiro mata dalili. Maman_Hanif, baitin da kike nema zan gwada shi dab da addu'a, da bakina ba da bakin allura ba. Malam Hafizu, in na kawo zumuncinta ta hanyar waɗanda take ɗinka wa kaya ba tare da sun roƙa ba, zai wadatar a matsayin shaida, ko sai na ambaci kalmar?

Hafizu_Nazari: Ki kawo mu gani tukuna. Amma in ta ni ce, ki ambace ta sau ɗaya.